Sake ɗauka, manhajar waya, ko kwamfuta: wace hanya ce ta dace da hoton rubutun hannunka?

Takardun hannu da yawa da ke isowa shagunan kwamfuta na Wunti da Yelwa a yanzu ba a hannu suke zuwa ba, a waya suke zuwa. Wani ya ɗauki hoton yarjejeniyar sayen gona a Darazo, wani littafin bashin marigayi mahaifinsa a Misau, wata kuma bayanin taron ƙungiyarsu ta adashi, a turo a ce a buga a kwamfuta. Sai ka buɗe hoton ka tarar da shi a karkace, rabinsa cikin inuwar hannun mai ɗauka, ɗaya rabin ya yi fari fat. Kafin a fara kwafe ko da kalma ɗaya, dole a gyara shi, kuma hanyoyin gyaran uku ne: a sake ɗaukar hoton yadda ya kamata, a miƙa shi ga manhajar sikanin ta waya, ko a zauna a gaban kwamfuta a gyara shi mataki-mataki.

Tambaya biyu ce ke raba gardama. Ta farko, har yanzu ana iya kaiwa ga takardar? Ta biyu, shin ma'anar rubutun ta rataya a kan ƙananan alamomi? Mutane sun fi kula da ta farko, amma ta biyun ce ke jawo asara.

A rubutun ajami, harafin ba da harafin ta jikinsu ɗaya ne, ɗigo ne kawai ya raba su: ɗaya a ƙasa, ko biyu a sama. Idan ɗigon ya ɓace a littafin bashi, ba ka da hanyar sanin ko marigayin ya rubuta "bara" ne ko "tara". Haka ra da za, haka fa da ƙaf a rubutun allo da muka gada, inda fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama. Ga wasula, waɗanda malamai da yawa kan sa da jar tawada, siriri, kuma ita ce ke fara koɗewa. A boko ma lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ƙarama ce, haka ɗan layin da ke raba 7 da 1. Ma'aunin da zan bi wajen kwatanta hanyoyin nan shi ne wacce ke barin waɗannan alamomi a raye, ba wacce ke fitar da shafi fari tas mai daɗin kallo ba.

Me ya lalace a hoton?

Abin da muke kira karkacewa iri uku ne, kuma maganinsu ya bambanta. Akwai juyawa: shafin ya ɗan kauce hagu ko dama, amma faɗinsa na sama da na ƙasa ɗaya ne. Wannan shi ne mafi sauƙi, ko manhajar hotuna da ta zo da wayar tana miƙe shi. Akwai kuma na wanda ya ɗauki hoto yana zaune da wayar a jingine: gefen da ke kusa da shi ya yi faɗi, na nesa ya tsuke, haruffan sama sun fi na ƙasa ƙanana. Juya hoto ba ya gyara wannan, sai an kama kusurwoyi huɗu an ja su. Na uku shi ne lanƙwasa, wato layuka su yi baka a kusa da ɗinkin littafi ko inda aka ninke takarda. Jan kusurwa ba ya taɓa shi, domin a cikin shafin matsalar take, ba a bakinsa ba.

Haske kuwa, abin da ya kamata ka duba shi ne bakin inuwar. Idan duhun ya shigo a hankali daga gefe zuwa gefe, kamar takardar da aka ajiye kusa da ƙofar zaure, gyaransa mai sauƙi ne. Idan inuwar tana da baki mai kaifi, kamar ta waya a tsakar rana, za a sha wuya kuma za ta bar tabo. Idan kuma ƙyalli ne, wurin da fitilar waya ta daki takarda ya yi fari har rubutu ya ɓace, to babu abin gyarawa. Kyamarar ba ta ɗauki komai a wurin ba. Haka hoton da hannu ya girgiza ya yi dishi-dishi. Waɗannan biyun hanya ɗaya kawai ke maganinsu.

Sake ɗauka

Idan takardar tana gari, ko akwai wanda za a kira ya sake ɗauka, kada ka ɓata lokaci a kan sauran hanyoyin. Wannan ce kaɗai ke ƙara abin da ke cikin hoton. Sauran biyun suna jujjuya abin da aka riga aka samu ne.

Fara da girma. Takardar A4 milimita 210 ce a faɗi, 297 a tsawo. Ma'aunin da aka saba da shi wajen sikanin rubutu shi ne fiksel, ƙananan ƙwayoyin da hoto ya ƙunsa, guda 300 a kowane inci, wato shafin ya zama 2480 a 3508. A wannan ma'auni, ɗigon biro mai faɗin rabin milimita yana samun kusan fiksel 6, isasshe a gane shi. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da hoto kusan 3000 a 4000, saboda haka idan shafin ya cika allon wayar, an wuce ma'aunin da kaɗan. Idan kuwa shafin ya ci rabin tsawon hoton ne kawai, sauran tabarma ce da ƙafar mai ɗauka, an zubar da rabin ƙarfin kyamarar. Daga nan idan aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto na yau da kullum, sai a matse tsawonsa ya dawo kusan 1600, ɗigon nan ya koma ƙasa da fiksel 3 ko da shafin ya cika hoton. Shi ya sa abin da nake fara gaya wa duk mai turo hoto shi ne ya sake turowa ta Document, ba ta Gallery ba. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa a karanta abin da ya gagara.

Sai wuri. A nan ƙasarmu rana kusan a tsakiyar ka take da tsakar rana, don haka duk wanda ya shimfiɗa takarda a tsakar gida ya sunkuya a kanta, inuwar wayarsa a kan rubutun za ta sauka. Ƙarƙashin darbejiya ya fi muni, domin ganye na yayyafa haske dabbare-dabbare. Wurin da ya dace shi ne inuwa cikakkiya mai haske: bakin zaure, ƙarƙashin rumfar kwano, ko kusa da taga inda rana ba ta shigowa kai tsaye. Hasken ya zo daga gefe, ba daga bayanka ba. A ɗaya gefen ka jingina farin kwali ko farar takarda, ta mayar da haske kan ɓangaren da ke da duhu. Ranakun hazo na hunturu suna da kyau ga wannan aiki, haske ya bazu babu inuwa mai kaifi, sai dai a goge idon kyamara da tsumma mai laushi, domin ƙurar da ke kansa kan sa hoto ya yi fari-fari. A kashe fitilar waya. Da dare, wasu ƙwayayen lantarki da fitilun caji kan bar ratsi-ratsi a hoto, gara a jira gari ya waye.

A ƙarƙashin takardar a sa ƙyalle mai duhu marar zane. Sallaya da tabarma mai ado suna ruɗa manhaja idan an zo neman bakin shafi daga baya. Idan takardar siririya ce, rubutun bayanta na leƙowa, a sa baƙar takarda a bayan shafin da ake ɗauka, leƙowar za ta ragu sosai.

Wayar ta kwanta daidai da shafin, a tsakiyarsa, kusan santimita 25 zuwa 30 a sama idan A4 ce. Kunna Grid a saitin kyamara, ka duba ko bakunan takardar huɗu sun bi layukan. Idan na sama ya fi na ƙasa gajarta, wayar a jingine take. Dabarar da ta fi riƙo da hannu ita ce a ɗora wayar a bakin tebur, kyamarar ta leƙo waje, a danne ta da littafi, a ajiye takardar a kan kujera 'yar tsugunne a ƙasa, a sa Timer na daƙiƙa 3. Ka taɓa rubutun a allo don kyamarar ta saita kansa. Kada a jawo hoto da yatsu, a wayoyi da yawa yanke hoton kawai hakan ke yi. Littafi mai ɗinki a ɗauki shafi ɗaya-ɗaya, a tallafe ɗaya murfin da wani littafi ya tsaya, shafin da ake ɗauka ya kwanta sosai. Tsohuwar takarda mai rauni kada a yi mata guga, kada a danne ta da ƙarfi, a ɗora abu mai ɗan nauyi a gefenta kawai.

Iyakar wannan hanya a fili take: sai da takarda a hannu, da wanda zai yi haƙurin bin umarni a waya. Kuma ba ta dawo da tawadar da ta koɗe.

Manhajar waya

CamScanner, Adobe Scan, sikanin da ke cikin Google Drive, da na Notes a iPhone duk aiki biyu suke yi a jere: su nemo kusurwoyin shafi su miƙe shi, sannan su ɗora masa filta. Ya kamata a yi wa ayyukan nan biyu hukunci daban-daban.

A miƙewa, manhajar waya ta yi zarra wajen sauri. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ta gama abin da zai ci minti da yawa a kwamfuta, kuma wasunsu suna karɓar tsohon hoto daga cikin waya. Abin lura shi ne tsohuwar takarda ba kasafai take da baki miƙaƙƙe ba. Gara ta ci gefe, kusurwa ta yage, ko an ninke. Manhaja kan ɗauki bakin inuwa ko jan layin gefen littafi a matsayin ƙarshen shafi, ta yanke rubutun da ke waje. A rubutunmu na gargajiya kuwa gefe ba fanko ba ne, nan ake ƙara bayani da gyara, wani lokaci har da sunan shaida. Saboda haka a ja kusurwoyin da hannu, a bar ɗan fili a waje da takardar. Alamar an ja ba daidai ba ita ce haruffa su yi tsawo ko su baje fiye da yadda hannu ke rubutawa. Ga shafi mai lanƙwasa, vFlat an san ta da shimfiɗa shafukan littafi. Irin wannan gyara ya fi tafiya daidai a bugaggen littafi mai layuka a jere. A rubutun hannu da ke hawa da sauka, a duba sakamakon da kyau.

A filta ne nake ja da baya. Filtar baƙi da fari tana yanke wa kowane fiksel hukunci: ko baƙi ƙirin ko fari fat, babu tsakiya. Tawada mai ƙarfi ta tsira, amma fensir, jan wasali da ɗigon da ya koɗe suna tsakiya ne, kuma galibi fari ake mayar da su. Kamar sheƙar gero ce a iska mai ƙarfi, ƙaiƙayi zai tafi, tsaba ma ta bi shi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, tabon ƙuda ko ɗan datti ya zama baƙin ɗigo mai kyau a saman harafi, mai kwafewa ya karanta harafin za a wurin da aka rubuta ra. Abin da ya sa wannan ke da haɗari shi ne shafin yana fitowa da kyan gani, babu abin da zai sa ka zargi an yi asara. Filtocin da ke ƙara armashin launi sun fi sauƙin ɓarna, amma su ma ba ka da iko a kan ƙarfinsu.

Don haka idan za ka yi amfani da manhaja, ka bar ta ta miƙe shafin, ka zaɓi launin asali ko Grayscale, ka adana a mafi girman inganci, a matsayin hoto idan akwai zaɓin. Ga takardar da aka rubuta kwanan nan da biro baƙi ko shuɗi a farar takarda, kamar bayanin taro ko aikin ɗalibi, ko filtar ma ba za ta cutar ba, kuma babu dalilin kunna kwamfuta. Sai dai a tuna wasu manhajojin suna ajiye kwafi a intanet. Takardar gado ko ta asibiti, a duba saitin kafin a saka ta.

Kwamfuta, da misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauka an turo hoton takardar jinginar gona da ajami, girmanta kamar A4. An rubuta da alƙalamin kara, wasula da ja, a ƙasa akwai dangwalen yatsa biyu. Takardar tana cikin adaka a ƙauye, mai makullin ya yi tafiya. An samu an turo hoton ta Document, 3000 a 4000. Saman shafin ya tsuke, gefen dama na cikin duhu.

Kayan aikin kyauta ne: GIMP ga mai son dannawa, ImageMagick ga mai son buga umarni. Kafin komai, a kwafi hoton asali a ajiye gefe, ba za a taɓa shi ba.

Miƙewa ce farko. Buɗe hoton a GIMP, ka kai kibiya kan kowace kusurwar takardar, lambobin wurin suna bayyana a ƙasan allo. A misalinmu, hagu ta sama 310,240 ce, dama ta sama 2790,330, dama ta ƙasa 2950,3820, hagu ta ƙasa 150,3760. Lambobin sun riga sun faɗi ciwon: faɗin sama kusan 2480, na ƙasa 2800, sannan dama ta sama ta sauka da fiksel 90 ƙasa da hagu. Wato akwai jingina, akwai juyawa. Umarni ɗaya ke gyara duka biyun, ta hanyar gaya wa kowace kusurwa inda za ta koma:

```
magick asali.jpg -auto-orient +repage \
  -define distort:viewport=2480x3508+0+0 \
  -distort Perspective "310,240 0,0 2790,330 2480,0 2950,3820 2480,3508 150,3760 0,3508" \
  +repage mike.png
```

A cikin GIMP, abin da ke yin wannan shi ne Perspective, a zaɓi Corrective (Backward), a ja kusurwoyin ragar zuwa na takardar. A yi shi sau ɗaya. Duk juyawa ko ja yana ɗan dusashe bakin haruffa, idan aka yi ta maimaitawa sai ɗigo ya narke. Haka kuma daga nan a riƙa adanawa a PNG, domin JPEG na cin wani abu a duk lokacin da aka sake adanawa. Idan takardar ba A4 ba ce, a auna ta ko a tambayi tsawo da faɗinta, a sauya 2480 da 3508, in ba haka ba haruffa za su miƙe ko su baje.

Yanzu haske. Kwamfuta tana ba kowane fiksel lamba daga 0, baƙi, zuwa 255, fari. A gefen hagu mai haske, takardar 220 ce, tawadar da ta koɗe 120. A gefen dama mai duhu, takardar 110, tawadar 60. Duba da kyau: takardar da ke cikin inuwa ta fi tawadar da ke cikin haske duhu. Idan ka ce duk abin da ke ƙasa da 130 ya zama baƙi, gefen dama gaba ɗaya ya dulmuye. Idan ka ce ƙasa da 100, rubutun hagu ya ɓace. Babu lamba ɗaya da za ta raba su, kuma wannan ne dalilin da ya sa ƙara Brightness da Contrast ba ya kai ka ko'ina, kana gyara gefe kana ɓata gefe.

Amma raba 120 da 220, ka sami 0.545. Raba 60 da 110, ka sami 0.545. Inuwa ta rage hasken takarda da na tawada da kashi iri ɗaya, saboda haka idan aka raba kowane fiksel da hasken takardar da ke wurinsa, inuwar ta fita daga lissafi. Takarda ta koma 255 a ko'ina, tawada ta koma kusan 139 a ko'ina. Aikin da ya rage shi ne samo hoton takardar ita kaɗai, babu rubutu. Ana yin haka ne ta kwafar hoton, a share siraran layukan tawada daga kwafin, a ɗan dusashe shi:

```
magick mike.png \( +clone -morphology Close Disk:12 -blur 0x20 \) \
  -compose Divide_Src -composite -level 30%,95% fes.png
```

A Command Prompt na Windows a cire alamar `\` da ke gaban bakunan da ta ƙarshen layi, a haɗe umarnin a layi ɗaya. Lambar da ke buƙatar tunani ita ce 12. Dole ta wuce rabin kaurin layi mafi kauri a shafin. Alƙalamin kara yana iya ba da layi mai milimita 1.5, kusan fiksel 18, rabinsa 9, shi ya sa 12. Ga biro, 6 ta isa. Idan lambar ta yi ƙasa, za ka ga haruffa masu kauri sun zama fanko a ciki, baki kawai ya rage. Sashen `-level` kuwa yana ƙara wa tawadar duhu kaɗan, 139 ta sauko kusan 96, ba tare da an tilasta mata zama baƙi ƙirin ba. Launi yana nan, jan wasali yana nan da jansa, ruwan ɗorawar da tsufa ya sa wa takardar ne kawai ya tafi.

A GIMP matakan su ne Duplicate Layer, sannan Median Blur a kan na sama, a ɗaga Radius da Percentile har rubutu ya ɓace, inuwa kawai ta rage, sannan a mayar da Mode ɗinsa Divide, a gama da Levels a hankali.

Wannan hanya ma tana da inda take cin amana. Duk wani baƙin abu da ya fi ma'aunin nan faɗi, lissafin zai ɗauke shi a matsayin inuwa. Dangwalen yatsa da tawada ta cika shi, ko tsakiyar hatimi mai kauri, zai koɗe ko ya zama zobe. A takardar jingina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka hoton da aka gyara na karatu ne kawai. Wanda za a nuna wa dagaci ko alƙali shi ne na asali, ko takardar kanta. Na biyu, inda inuwa ke da baki mai kaifi, za ka ga ratsi biyu a jere, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske. A rage `0x20` zuwa `0x3`, ratsin zai sirance, ko da yake ba ya tafiya duka. Na uku, gefen da ya fito daga duhu ya kan yi tsakuwa-tsakuwa, domin an ninka haskensa, an ninka dattinsa tare. A wannan gefen a yi hattara da duk ɗigon da ba a tabbatar da shi ba.

Wata dabara mai amfani ga launuka: hoto ya ƙunshi ja, kore da shuɗi, kuma Decompose a GIMP na raba su. A sashen ja, jar tawada ɓacewa take yi, shuɗin biro kuma ya yi ƙarfi. A sashen shuɗi, layukan littafin makaranta suna dusashewa. Ga takardarmu mai baƙi da ja, sashen kore ne ke nuna duka biyun.

Idan shafukan sun yi yawa, a ce littafi guda, ja da hannu zai gajiyar. Nan ScanTailor Advanced ke shigowa: yana bin shafuka a jere, ya raba shafi biyu, ya miƙe, har da gyaran lanƙwasa a matakin Output. A zaɓi Color / Grayscale tare da Equalize illumination. Idan dole sai baƙi da fari, don a buga a takarda misali, tsarin Sauvola, wanda ke duba kowane yanki da maƙwabtansa, ya fi dacewa da shafi mai inuwa a kan na Otsu, wanda ke zaɓar lamba ɗaya. Kuma a kashe Despeckle gaba ɗaya. Aikinsa share ƙananan ɗigo ne, ba ya tambaya ko na harafi ne.

To wacce?

Takarda tana kusa: a sake ɗauka, ko da an riga an fara gyara. Hoto mai ƙyalli ko girgiza: a sake ɗauka, ko a jira sai an samu dama, domin sauran hanyoyin ba su da abin yi a kai. Sabon rubutun boko da biro, ana sauri: manhajar waya ta wadatar. Tsohon ajami, fensir, jan wasali, ko duk takardar da kuɗi ko gado ya rataya a kanta, kuma hoto ɗaya tak ake da shi: kwamfuta. Ga mai shago da ke samun irin wannan aiki a kai a kai, haɗin da na fi gamsuwa da shi shi ne manhajar waya ta miƙe shafi a launin asali, kwamfuta ta cire inuwa, tun da umarnin rabawa ba ya bukatar a auna kusurwa kuma ana iya maimaita shi a kowane shafi.

Ko wacce aka bi, gwaji ɗaya ne kafin a fara bugawa. Buɗe na asali da wanda aka gyara gefe da gefe, a girman 100%. Zaɓi layi biyu, wanda ya fi koɗewa da wanda ya fi zama cikin duhu, ka ƙirga ɗigo da wasula a kowane hoto. Idan sun ragu, gyaran ya yi ƙarfi, a sassauta `-level` ko a sauya filta. Idan sun ƙaru, datti ne ya samu shiga. Lokacin kwafewa kuma na asalin ya zauna a buɗe, a koma masa a duk suna, adadi da kwanan wata. Kalmar da hotunan biyu suka kasa warwarewa a sa mata alamar tambaya a cikin rubutun da aka buga, a rubuta lambar layinta, a tura wa mai takardar ya ɗauko hoton wannan layin kaɗai daga kusa.